Hasken la'asar sakaliya a fuskar shaguna, don hoton burosha

"Salam Oga. Wani Alhaji ne ya ba ni aikin hoton gaban filazar da zai gina, shago shida a ƙasa ofisoshi a sama, za a sa a burosha, kuma ya ce lallai da hasken yamman nan mai kyau yake so. Na rubuta `modern shopfront, golden hour, ultra realistic, 8k` a Midjourney ya fi sau talatin, komai sai ya fito ja kamar an zuba manja, shagunan yau huɗu gobe bakwai, wurin kuma kamar Turai. Ina da zanen a SketchUp. Don Allah me zan rubuta?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Tunda kana da zanen a SketchUp ai ka riga ka ci rabin aikin, sai dai kafin ka sake rubuta ko kalma ɗaya ina so ka ɗauko takardar filin ka duba kibiyar arewa, ka gaya wa kanka gaskiya ina fuskar ginin nan take kallo, don duk abin da za mu rubuta daga nan zai taso.

Dalili shi ne kalmar `golden hour` ita kaɗai ba ta gaya wa injin inda rana take ba. Abin da ya koya daga ɗimbin hotunan da aka yi wa laƙabi da kalmar shi ne launi, ja-ja rawaya-rawaya, to shi ne yake kwarara maka a kan komai, bango da sama da kwalta har cikin inuwa. Amma kai ka fita waje bayan la'asar sakaliya ka tsaya ka kalli wani gini da kyau, za ka ga ba haka abin yake ba. Gefen da rana ta daka shi ne kawai mai ɗumi, gefen da ke inuwa kuwa launinsa sanyi-sanyi ne, toka mai ɗan shuɗi, saboda shi daga sararin sama yake samun haskensa. Wannan bambancin na ɗumi da sanyi, da kuma doguwar inuwa da ta kwanta gefe guda, su ne suke sa mutum ya ga hoto ya ji yamma ce ta yi. Idan babu su to manja ne kawai.

Bari in ɗauki wani aiki da na yi a Kano mai kama da naka sosai, sai ka auna da naka. Filaza ce mai faɗin mita 24, shago shida kowanne mita 4, tsayi wajen mita 7.5, akwai ginshiƙai tsakanin shagunan da suka turo gaba da santimita 30, da rumfar kankare mai fitowar mita 1.5 a saman ƙofofin. Fuskar tana kallon kudu. Kano tana kan digiri 12 arewa da ikwaita, kuma rana ba a wuri ɗaya take faɗuwa duk shekara ba, a Disamba tana faɗuwa kamar digiri 24 kudu da yamma sak, a Yuni kuma digiri 24 arewa da yamma. Ka ga kenan ginin da ke kallon kudu a watan Yuni rana ba ta taɓa fuskarsa ko kaɗan, duk yinin a bayansa take. Disamba kuma hazo ne, rana ta zama kamar faifai a sama, inuwa ba ta da baki. Don haka sai na zaɓi farkon Nuwamba, damina ta ɗauke, itatuwa da sauran korensu, ƙura ba ta kankama ba tukuna. Wajen ƙarfe 5:15 na yamma a lokacin rana tana kamar digiri 10 sama da ƙasa, kuma kamar digiri 17 kudu da yamma, wato tana shafar fuskar ginin ne ta gefe, daga hagun wanda ya tsaya a titi yana kallon shagunan.

Irin wannan hasken na gefe shi ne abin nema wallahi. Ginshiƙin nan mai santimita 30 kacal sai ya jefa inuwar kusan mita ɗaya a jikin bango zuwa dama, sai shagunan shida su rarrabu ɗaya bayan ɗaya ido ya iya ƙirga su daga nesa, rumfar kuma inuwarta ta sauko kamar santimita 90 kawai, hasken ya shiga ƙarƙashinta ya taɓa ƙofofin gilashi, abin da ba ya faruwa da tsakar rana. Mutumin da ke tsaye a gaban shago inuwarsa ta kusa ninka tsayinsa sau shida, wajen mita tara da rabi. Ka riƙe wannan lissafin don da shi za ka kama injin idan ya yi maka ƙarya.

In naka yamma yake kallo, rana za ta daki fuskar gaba da gaba, komai ya baje babu inuwa, gilashi kuma ya riƙa walƙiya, sai ka matsar da kamara can gefe ka ɗauko shi ta kusurwa. In gabas yake kallo to kar ka wahalar da kanka, ka yi hasken safe jim kaɗan bayan fitowar rana, launin kusan ɗaya ne kuma Alhaji ba zai ce komai ba. In arewa ne sai ka koma Yuni ko Yuli. Ni dai ba na yarda in ɗora rana a inda ba ta taɓa zuwa ba, domin mai sayen shago yana tambayar rana ta ina take bugowa, musamman mai sayar da atamfa ko magani, kuma hoton ne farkon abin da zai gani.

Yanzu maganar shago huɗu da bakwai. Wannan ba a magance shi da rubutu, ko ka rubuta `six` sau goma, waɗannan injinan ba su iya ƙirga abu mai maimaituwa ba, kuma hagu da dama ma sau da yawa rikita su suke yi. Ginin da inuwar duka daga SketchUp ɗinka za su fito, rubutu kuma aikinsa ya sa musu kaya da yanayi. Ka shiga `Model Info` sannan `Geo-location` ka sa wurin da hannu, ka tabbata arewar modal ɗin ta dace da ta takardar fili, a SketchUp koren layi mai kauri shi ne arewa in ba ka canza ba. Ka buɗe `Shadows`, ka duba yana kan `UTC+01:00`, ka sa kwanan wata da lokaci. Daga nan ka saukar da kamara tsayin idon mutum, mita 1.6, ka tsaya tsallaken titi ɗan kudu maso yamma yadda bangon gefen yamma zai ɗan leƙo, ka ɗauki `Zoom` ka rubuta `35mm`, sai ka danna `Camera` sannan `Two-Point Perspective`. Wannan na ƙarshen kar ka manta da shi, shi ne yake miƙar da duk layukan tsaye su tsaya cak, in babu shi ginin zai zama kamar yana jingina baya, kuma duk akitek ɗin da ya gani nan take zai san ba ɗan hannu ne ya yi ba. Ka ajiye wurin a matsayin `Scene` don kar ya motsa.

Hoto biyu za ka fitar daga wannan tsayuwar. Na farko layi zalla, `Hidden Line`, inuwa a kashe. Na biyu da launuka sama-sama, bango ruwan madara, gilashi duhu, ƙasa toka, sama shuɗi mai haske, inuwa a kunne. Ni da Stable Diffusion nake wannan matakin, wani injin hoto ne irin Midjourney, samfurinsa na SDXL tare da ControlNet, wanda ke tilasta injin ya bi zanen da ka ba shi. Hoton layin shi ake ba ControlNet, `lineart` ko `canny`, shi zai riƙe ƙofofi da tagogi a inda suke. Mai inuwar kuma shi ake sawa a `img2img`, inda injin yake farawa daga hoton da ka ba shi, don ta nan ne kaɗai inuwar gaskiya take shiga, mutane da yawa suna amfani da `depth` kawai sannan su yi ta mamakin me ya sa rana take fitowa ta ko'ina, alhali `depth` nisa kawai ya sani, bai san haske ba. A Midjourney kuwa in ka ba shi hoto a matsayin misali kwaikwayon yanayinsa yake yi, ya sake gina nasa ginin, abin da ya fi kusa da abin da muke so a can shi ne `Retexture` na cikin `Editor`, yana riƙe siffa daidai gwargwado amma sai ka sa ido sosai. In kwamfutarka ba ta da katin hoto mai ƙarfi akwai wuraren da ake hayar sa a intanet da awa, kuma ka sa kuɗin a lissafin aikin tun farko.

Ga furomt ɗin da na yi amfani da shi, da Turanci saboda shi injin ya fi ji:

```
architectural photograph, two-storey retail plaza, cream painted
render, dark grey aluminium shopfront glazing, concrete canopy,
blank sign panels, eye level, straight verticals, low late
afternoon sun raking from the left, long shadows to the right,
warm light on walls, cool grey-blue shade, clear pale blue sky,
interlocking pavers, neem trees, Kano Nigeria
```

Ka lura ban sa `golden hour` ba sam. Na faɗi abin da hasken yake yi ne, rana ta yi ƙasa, tana shafowa daga hagu, inuwa doguwa zuwa dama, bango da ɗumi inuwa da sanyi. In ka gwada ka ga ɗumin bai isa ba to ka ƙara kalmar a can ƙarshe inda ƙarfinta ya ragu, don abin da ya zo a farko ya fi nauyi. Kalmar da ta fi ceto na ita ce `pale blue sky`, da zarar sama ta zama shuɗiya sai jan ya tsaya a jikin bango inda ya kamata. Kuma haka abin yake a zahiri, ka tsaya kana kallon arewa rana tana hagunka, saman da ke gabanka ba ja ba ne, jan yana can wajen da ranar take. Su `8k` da `ultra realistic` kuma ka zubar da su, ba sa ƙara ko fiksel ɗaya, sai ma su ja hoton ya yi sheƙi irin na roba. `architectural photograph` ta fi su aiki nesa ba kusa ba.

Kayan ginin kuma ka kira kowanne da sunansa da launinsa kamar yadda yake a takardar kwangila. In ka rubuta `modern` ka yi shiru shi zai zaɓar maka, kuma abin da yake so shi ne katako da marmara da gilashi daga ƙasa har sama, Alhaji ya gani ya yi murna, ranar da aka gama gini da bulo da fenti masu haya su zo da burosha a hannu suna tambaya. Abin da ba ka so kuma kar ka sa shi cikin furomt ɗin da `no` a gabansa, in ka rubuta `no cars` motar ya ji, sai ya kawo maka ita. Wurinsa daban ne, `Negative prompt` a Stable Diffusion, `--no` a Midjourney:

```
orange sky, lens flare, sun in frame, text, logo, autumn leaves,
wet road, fisheye, night
```

Maganar Turai kuwa, in ba ka faɗi wuri ba can zai kai ka, in kuma ka rubuta `Africa` sai ya kawo bukka da jar ƙasa da kasuwar rumfuna a gaban filazar miliyoyi. Sunan gari kaɗai ba ya isa, shi ya sa na lissafa abubuwan da ido ya saba gani, intalok, darbejiya, za ka iya ƙara kwata mai murfin kankare da adaidaita rawaya guda ɗaya can nesa. Mutane kuma ka rage su, uku ko huɗu sun isa, mai kaftani da hula, mace da hijabi, kuma a tsaka-tsakin nisa suna tafiya, don in suka matso kusa fuska da yatsu ne suke fara lalacewa. Ni yawanci sai ginin ya zauna sannan nake shigar da su ɗaya-ɗaya ta `inpaint`, wato in zagaye wuri ɗaya injin ya sake zana shi kaɗai. Ka duba kuma motar da ya sa tana bin hannun dama kamar yadda muke tuƙi.

Lambobin da nake farawa da su, girma 1216 da 832, `CFG`, wato yadda zai manne wa rubutunka, wajen 6, nauyin ControlNet 0.8, `Denoising strength` 0.55. Wannan na ƙarshen shi ne sitiyarin, shi yake faɗa wa injin iya yadda zai canza hoton da ka ba shi. A wancan aikin da na sa 0.35 hoton ya fito kamar SketchUp aka shafa wa mai, layuka ƙarau babu rai. Da na kai 0.75 ya yi kyau ƙwarai amma inuwar ginshiƙai ta ɓace, ya ƙirƙiro tasa ranar daga dama, ya kuma mayar da tagogin sama guda biyu baranda. Tsakanin 0.5 da 0.6 ne ya zauna. In ka samu wanda ya kusa, ka kulle `Seed` ɗinsa, lambar da ke sa hoton ya maimaitu, sannan ka riƙa canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji, in ka canza uku lokaci guda ba za ka san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

Gilashi yana da nasa rikicin. Injin yana son ya kunna cikin shaguna su yi ta haske kamar bayan magariba, alhali ƙarfe biyar da kwata waje ya fi ciki haske nesa, don haka gilashin gaskiya rabinsa madubi ne, kana ganin sama da itacen tsallake a jikinsa, cikin shagon kuma sama-sama. Mai gini kuma yana son a ga shagunan da rai, kuma yana da gaskiya. Abin da nake yi shi ne in zagaye gilasan kawai in yi musu `inpaint` da `softly lit interior, faint sky reflection`, fitila kaɗan a can ciki, kantar shagon ta ɗan bayyana. In ka ga cikin shago ya fi bangon da rana ta daka haske to ya zarce, ka rage.

Da ka samu wanda ya yi maka, kar ka tura tukuna. Ka ɗora hoton layin nan a kansa a Photoshop ka sa `Multiply`, ka bi shi daga hagu zuwa dama kana ƙirgawa da yatsa, ƙofa shida, ginshiƙi bakwai, tagogin sama, matakala. Na taɓa ganin burosha da aka buga kwafi masu yawa da shago ɗaya na ƙari a can ƙarshen dama inda itace ya ɗan rufe, babu wanda ya lura sai wani mai son haya da ya nuna shi ya ce wannan na kusurwa yake so, kuma shagon babu shi a ƙasa, aka sake bugu gaba ɗaya, yaron da ya yi hoton kuma bai sake samun aiki a wurin ba. Abin ya dame ni don yaron yana da hannu, ƙirga ce kawai bai yi ba. Bayan ƙirga sai inuwa, ta mutum da ta itace da ta fal ɗin wuta da ta mota duk su kwanta gefe ɗaya, kuma dogaye, in ka ga mutum da 'yar guntuwar inuwa a ƙarƙashin ƙafarsa to wannan tsakar rana ce aka liƙa a cikin yamma. A misalina bangon yamma dole ya fi fuskar haske tunda shi rana take kallo kai tsaye, in ya fito da duhu to injin ya juya ranar. Sai ka ɗauki `Eyedropper` ka taɓa farin abu da ke cikin inuwa, in ya ba ka ruwan lemo maimakon toka to manjan bai gama fita ba.

Allon sunayen shaguna ka bar su fayau kamar yadda na sa a furomt, ka rubuta da hannunka a Photoshop ko CorelDRAW ka karkatar da rubutun ya bi ginin. Kuma kar ka sa sunan wani banki ko kamfanin waya don ado, sai in Alhaji ya nuna maka sun sa hannu za su shiga, ka rubuta abu irin su Kantin Magani, Kayan Yara, Ɗinki, ya wadatar.

Saura bugu, kuma wannan ya kamata ka tambayi mai tsara buroshar tun kafin ka saita kamara, a tsaye hoton zai zauna ko a kwance, ina rubutu zai hau, in shafi biyu ne a buɗe ina naɗin zai ratsa don kar ya faɗa kan babbar ƙofa. Ka bar sararin sama da yawa a saman hoton saboda sunan filaza. A4 a kwance milimita 297 ne, da ƙarin milimita 3 kowane gefe na yanka ya zama 303, a 300 dpi kana bukatar fiksel 3579 a faɗi, naka kuma 1216 ne, wato sai ka ninka shi sau uku. Wajen ƙara girman ka sa `Denoising strength` ƙasa sosai, 0.2 zuwa 0.25, in ya fi haka sai ya fara ƙirƙirar ƙananan tagogi da fuskoki a cikin ganye, kuma bayan ka gama ka sake ɗora layin ka ƙirga. Ruwan lemo mai ƙarfi da shuɗi mai ƙarfi su ne tawadar CMYK ta fi kasa fitarwa, abin da yake walwali a waya sai ya fito a takarda kamar ƙasa-ƙasa, inuwa kuma ta toshe. Ka danna `Ctrl+Y` a Photoshop ka ga yadda zai koma, ka ɗan buɗe inuwar, ka rage jan kaɗan, sannan ka je wurin masu bugun da kanka su fitar maka da gwaji ɗaya a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita, ka fita da shi waje ka duba a hasken rana. A ƙasan hoton kuma a rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa hoton misali ne na yadda ginin zai kasance.

Ka turo min inda fuskar filazar take kallo da garin da take, da hoton layin in ka fitar, sai in faɗa maka watan da lokacin da za ka sa a `Shadows`.